“To” ɗin nan, me Oga yake nufi?

A watan Maris na 2021, wani jami'in sayen amfanin gona na kamfanin South West Terminal, a lardin Saskatchewan na ƙasar Kanada, ya yi magana ta waya da wani manomi da suka daɗe suna ciniki. Da suka gama, sai ya ɗauki hoton takardar yarjejeniyar sayen ƙwayar filakis, wadda ake matsar mai daga cikinta, ya tura wa manomin, ya haɗa da layi guda yana neman ya tabbatar da yarjejeniyar. Manomin bai rubuta ko harafi ɗaya ba. Alamar babban yatsa a ɗage kawai ya mayar, wato 👍.

Nuwamba ta zo, lokacin kai kaya ya yi, farashi ya ninka fiye da sau biyu, kaya kuwa shiru. Da magana ta je kotu, manomin ya ce shi abin da yake nufi da alamar shi ne ya ga saƙon, yana jiran a kawo masa cikakkiyar takarda ya duba. Kamfanin ya ce a'a, amincewa ce, domin a cinikinsu na baya mutumin ya sha amsawa da kalma ɗaya ko biyu, irin su OK, kuma ya kawo kaya daga bisani. A watan Yunin 2023 alƙali ya ba kamfanin gaskiya, ya umarci kamfanin manomin ya biya diyyar dalar Kanada dubu 82 da 'yan kai. Kotun ɗaukaka ƙara ta lardin ta tabbatar da hukuncin a Disambar 2024.

Ba kasafai irin wannan ke kaiwa gaban alƙali ba, amma duk wanda ke cikin zauren hirar wurin aiki, a WhatsApp ne ko Slack ko Teams, ya san ƙaramin nau'insa. An yi tambaya mai layi huɗu, amsa ta dawo da “To.” An kai rahoton aikin da aka kwana ana yi, amsa ta dawo da “Sannu da ƙoƙari.” Mai karɓar saƙon ya zura wa waya ido yana juya kalmar a ransa: izini ne, ko jan kunne, ko yabo, ko gatse? Sau da yawa kunya ko tsoron a ce bai da fahimta kan hana shi tambaya, sai ya zaɓi fassara ɗaya ya yi aiki da ita.

Abin da mai rubutu yake ji, mai karatu ba ya jin sa

Matsalar ba ta rashin hankali ba ce, kuma masana sun auna ta. A shekarar 2005 Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu biyu suka wallafa wani bincike da suka yi da ɗaliban jami'a a Amurka. An sa wasu su isar da jimloli ga abokan zamansu, wasu jimlolin da gaske ake nufinsu, wasu kuwa gatse ne. Rukuni ɗaya ya aika ta imel, ɗayan ya faɗa da murya. Masu aikawa sun zaci za a gane nufinsu kusan sau takwas cikin goma, ko ta wace hanya suka bi. Ta murya hasashen nasu bai yi nisa da gaskiya ba. A rubuce kuwa, kashi 56 cikin ɗari kawai aka gane daidai. Tunda zaɓin biyu ne kacal, gaske ko gatse, ko canki-canka mutum ya yi zai dace da rabi.

Abin da ya fi tayar da hankali a sakamakon shi ne su ma masu karatun sun tabbata a ransu cewa sun gane. Mai aikawa ya gamsu, mai karɓa ya gamsu, babu wanda ya ga dalilin sake tambaya.

Dalilin a fili yake. Lokacin da mutum yake buga “Ka kyauta” a wayarsa, yana jin muryar kansa a cikin kansa, da jan wasalin da ya yi, da saukar muryar a ƙarshe, har da harara ko murmushin da ke tare da ita. Duk wannan a wurinsa ya tsaya. Abin da ya isa wayar abokin aikinsa haruffa takwas ne. Shi kuma zai sa musu muryar da ta zo masa, gwargwadon yadda suka rabu jiya da yamma da irin gajiyar da ke jikinsa.

Kuma muryar da yake sawa ba ta cika yin daɗi ba. Kristin Byron, malama mai nazarin sha'anin gudanarwa, ta yi bayani a wata maƙala ta 2008 cewa saƙon aiki da aka rubuta da fara'a yakan isa kamar ba yabo ba fallasa, wanda aka rubuta ba yabo ba fallasa kuma yakan isa kamar da fushi a ciki. A kan imel ta yi maganar, amma gajeren saƙon zaure ya fi imel ƙarancin abin da za a kama a gane yanayin mai shi.

Inda rubutun boko ke ƙara wa Hausa nauyi

Mai rubuta Hausa yana da wani ƙarin tarko da ya kamata ya sani. Hausa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali da gajere, amma rubutun yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya daga ciki. A dogon rubutu, abin da ya gabata da abin da ya biyo baya su ke warware wa mai karatu. A amsa mai kalma biyu, babu gaba babu baya.

A ɗauki misali da wata ƙaramar maɗaba'a mai ma'aikata shida, masu zaure guda a WhatsApp: manaja wanda kowa ke kira Oga, mai zane, mai inji, akawu, direba, da wani yaro sabon ɗauka. Direba ya kai kwalayen rasiɗai shagon wani Alhaji, ya tsaya a bakin ƙofa ya rubuta: “Oga, na iso. A sauke?” Oga yana tsakiyar wani abu, ya amsa: “Ya biya.”

In an ja wasalin “ya” da murya sama, labari ne: mutumin ya riga ya biya, a sauke masa kaya. In an faɗe ta a gajarce da murya ƙasa, umarni ne: sai ya biya tukuna, kada a sauke. Rubutu ɗaya, ma'ana biyu masu karo da juna, kuma kowacce ta dace da tambayar direba. In direba ya ɗauki ta farko alhali ta biyu ake nufi, kaya sun fita bashi. In ya ɗauki ta biyu alhali ta farko ce, zai tsaya yana neman kuɗi wurin dattijon da ya biya tun shekaranjiya, a ɓata huldar shekaru.

Gyaran bai fi ƙarin 'yan kalmomi ba. “Ya riga ya biya, na ga alat, ka sauke.” Ko kuma: “Bai biya ba. Kada ka sauke sai akawu ta ce kuɗi sun shigo.” A duka biyun an yi abu biyu: an sa kalmar da ke toshe ɗaya fassarar, irin su “riga” ko “bai … ba” ko “tukuna”, sannan an amsa ainihin tambayar da aka yi, wato a sauke ko kada a sauke. Oga da farko dalili ya bayar, ya bar direba ya ciro hukunci da kansa.

“Ka tura” ta fi wannan ma, domin fuska uku gare ta. Tana iya zama shaida cewa ka riga ka tura, tana iya zama umarni, tana kuma iya zama tambayar da aka manta sa mata alamar tambaya, tunda a baki sau da yawa murya ce kaɗai ke bambanta tambaya da labari. Haka “ta karɓa”, haka “ya tafi da shi”. Duk amsar da ta fara da “ya” ko “ta” ko “ka”, aikatau ya biyo baya, kuma babu komai bayansu, ta cancanci a sake dubanta kafin a danna.

Kalanda ɗari biyar

A koma maɗaba'ar nan. Wata makaranta ta ba da aikin kalanda 500, za a karɓa ranar Alhamis. Ranar Litinin da la'asar mai zane ya rubuta a zaure: “Oga, na gama zanen kalandar makarantar nan. In ba mai inji ya fara bugawa, ko a jira shugaban makarantar ya duba sunayen malamai?” Bayan minti ashirin amsa ta zo: “To.”

Oga yana kan hanya, ya leƙa saƙon da ido ɗaya, abin da yake nufi shi ne ya gani, zai waiwaye shi. Mai zane kuwa yana kallon Alhamis tana matsowa, ya karanta ta a matsayin izini. Mai inji ya buga washegari. Ranar Laraba aka gano an rubuta sunan mataimakin shugaban makarantar ba daidai ba, a shafin farko, a ƙarƙashin hotonsa. Takarda ta tafi, tawada ta tafi, kwana guda ya rage.

“To” a bakin Bahaushe tana ɗaukar aƙalla ayyuka huɗu: na ji, na yarda, zan yi, da kuma ban so ba amma ba zan ja ba. A zaune ido da ido ba a cika rikita su ba. Aikin mai gyaran amsa shi ne ya tambayi kansa wanne daga ciki yake nufi, ya rubuta shi da sunansa. Da Oga ya yi haka, abin da zai fito shi ne: “Na gani, ina kan hanya. Kada a buga tukuna, zan amsa kafin magariba.” In kuma ya riga ya yanke shawara: “A jira. Ka tura wa shugaban makarantar yau ya duba sunaye. In ya amince a rubuce, ka ba mai inji gobe da safe.”

A lura da abin da ke cikin wannan amsa ta biyu. Akwai hukuncin a farko, cikin kalma biyu, yadda ko a saman allon waya aka hango saƙon ba tare da an buɗe ba za a gane. Akwai wanda zai yi, akwai abin da zai yi, akwai lokaci. Lokacin nan shi ake yawan mantawa. “Anjima” na iya zama minti goma ko bayan isha'i. “Gobe in sha Allah” magana ce mai kyau da babu mai cewa a daina, amma ba ta hana a ƙara “da ƙarfe goma” a gefenta, domin wanda ke jira ya san lokacin da zai fara cigiya.

Adalci kuma shi ne a ce shi ma mai zanen da nasa kason. Tambaya mai “ko” a tsakiya ba ta amsuwa da “to” ko “e”, kuma mai gaggawa bai cika lura da hakan ba. Da ya rubuta “Ina ganin a jira shugaban makarantar ya duba sunaye kafin a buga. In jira?” da ko “e” kaɗai aka mayar masa ta wadatar. Tunda kuma amsar ta zo a dunƙule, layi ɗaya ya isa ya kare kansa ba tare da ya yi wa na gaba da shi rashin ladabi ba: “Oga, na fahimci in ba mai inji yanzu, ba sai an jira makarantar ba. Haka ne?”

Wannan maimaita umarni ga wanda ya ba da shi ba ƙaramin abu ba ne. Matuƙa jirgin sama da shi suke aiki kullum, kuma an ƙara tsananta ƙa'idojin maganarsu bayan hatsarin tsibirin Tenerife na ranar 27 ga Maris 1977, inda jirage biyu, na KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Dalilan hatsarin suna da yawa, amma a cikinsu akwai wata jimla mai fuska biyu daga matuƙan KLM game da tashi, da kuma amsar mai kula da hasumiya wadda ta fara da OK, sauran maganarsa ta cewa su dakata kuma ta ɓace saboda wani saƙon rediyo ya hau kanta. A ƙa'idar yau, kalmar da matuƙi ke faɗa don nuna ya ji saƙo daban take da wadda yake faɗa don nuna zai aikata. Maɗaba'a ba filin jirgi ba ce, amma bambancin “na gani” da “na yarda” ɗaya ne a ko'ina.

Gatse: ƙorafi ne da buƙata a naɗe

Ranar Laraba da kuskuren ya bayyana, Oga ya ɗauki hoton shafin ya jefa a zaure, ya rubuta a ƙasa: “Sannu da ƙoƙari.”

Abu uku suka faru a lokaci guda. Yaron nan sabon ɗauka, da bai lura da sunan ba, ya ɗauka yabo ne, ya sa alamar tafi. Mai inji ya rasa ko da shi ake ko da mai zane, ya yi shiru yana ƙullace. Mai zane ya gane sarai, ya ji an tozarta shi a gaban yaron da yake koya wa aiki, ya fara haɗa amsar kare kai. Babu ko mutum ɗaya a cikinsu da ya samu labarin abin da za a yi kafin gobe.

Hausa tana da arzikin irin wannan magana, gatse da ba'a da shaguɓe da habaici, kuma a zaune suna da amfaninsu, sukan isar da gargaɗi ba tare da an fito fili an ci fuska ba. Amma dukkansu da murya da fuska suke tafiya. Uwa takan ce wa yaron da ke wasa da wuƙa “ci gaba mana”, yaron ya ajiye nan take, domin ya ga idonta. A rubuce babu idon. In Oga ya rubuta wa mai inji “Ku ci gaba da bugawa mana, ai takarda kyauta ce”, akwai yiwuwar mutumin da ke cikin ƙarar inji ya hango kalmomi huɗun farko a saman allo ya ci gaba da bugawa.

Hanyar gyaran gatse ta bambanta da ta gyaran “to”. A can, ƙarin bayani ake yi. A nan kuwa sai an kwance maganar gaba ɗaya, domin duk gatsen wurin aiki abu biyu ne a naɗe: wani abu ya faru da bai yi wa mai maganar daɗi ba, kuma akwai abin da yake so a yi. In aka ciro waɗannan biyun aka rubuta, gatsen ba shi da sauran aiki. Ga zaure: “An samu kuskure a sunan mataimakin shugaba, shafi na ɗaya. A dakatar da haɗa kalandar. Mai zane ya gyara ya tura wa makarantar kafin azahar, mai inji ya shirya sake buga wannan shafin kaɗai da yamma.” Maganar wa ya jawo kuwa, da yadda za a kauce wa irinta, a keɓe ake yinta, da baki, bayan an fitar da aikin. Kuma in za a bi diddigi, “to” ɗin Litinin tana cikin lissafin.

Kada a ɗauka gyaran yana nufin ɓoye ɓacin rai. Mutum yana da damar ya ce ransa ya ɓaci, kuma faɗin hakan kai tsaye ya fi sauƙin ɗauka. “Ban ji daɗi ba da aka buga ba a jira makarantar ba, asarar ta yi yawa” magana ce da ake iya amsawa da ban haƙuri ko da bayani. “Ka kyauta” kuwa ba ta da amsa. In mutum ya ce na gode, ya zama wawa. In ya ba da haƙuri, ana iya ce masa ai ba a ce ya yi laifi ba.

Tsakanin tsara ma haka abin yake, sai dai ya fi yawa. “Sai yanzu?” ga wanda ya turo lissafi a makare ta koma “Na samu. Da ƙarfe biyu nake buƙatarsa don in rufe littafi, gobe ka taimaka ya iso kafin nan.” “Ashe kana nan” ga wanda ya yi awa uku bai amsa ba ta koma “Tun safe nake jiran farashin takarda, shi ya tsayar da ni. Kana da shi yanzu?” Wasan da ke tsakanin Bakano da Bazazzagi, ko Bafulatani da Babarbare, yana da daɗi a bakin masu shi, amma a zauren da akwai wanda bai taso da al'adar ba, ko wanda zai karanta saƙon bayan wata shida ba tare da sanin ranar ba, tsokanar takan tsaya a rubuce kamar zagi. Wurare da dama sun warware wannan da buɗe zaure na biyu don hira da raha, na farko ya zama na aiki zalla.

Akwai kuma ɓarnar da gatse ke yi wa yabo na gaskiya. A zauren da aka saba jin “madalla” da “sannu da ƙoƙari” a matsayin bulala, ranar da Oga ya faɗe su da zuciya ɗaya ba za a yarda ba. Maganin shi ne a ambaci abin da ake yabawa. “Sannu da ƙoƙari, launin bangon nan ya fito fiye da na bara, makarantar ta yaba” ba ta karantuwa a matsayin gatse, domin mai gatse ba ya tsayawa kawo dalla-dalla.

Gwaji kafin a danna

Binciken nan na 2005 ya zo da wata dabara mai sauƙi. A ɗaya daga gwaje-gwajen, an sa masu aikawa su karanta jimlolinsu da ƙarfi da muryar da ta saɓa wa nufinsu, na gaske a karanta shi kamar gatse, na gatse kamar da gaske. Da suka yi haka, yawan tabbacin da suke da shi cewa za a gane su ya faɗi. Sun ji da kunnensu cewa kalmomin suna ɗaukar ɗaya muryar ba tare da wata wahala ba.

Kowa na iya yin wannan a zuci cikin daƙiƙa biyar. A karanta amsar da muryar mai fushi, a sake karanta ta da muryar mai zolaya. In ta zauna daram a kowacce, ba ta gama dahuwa ba. “Ba komai” tana zama a duk muryar da aka sa mata. “Ba komai, gobe ma ya yi, ba gaggawa nake ba” ba ta zama sai a guda. Gwaji na biyu shi ne a ɗauka wanda bai ga saƙonnin da suka gabata ba ne zai karanta. A zaure mai cunkoso, kafin Oga ya amsa tambayar direba wataƙila akawu ta jefo tata, sai “e, a yi” ta faɗa ƙarƙashin tambayar da ba ita ake nufi ba. Jan saƙon da ake amsawa domin ya fito a saman amsar yana magance wannan, haka ma ambaton abin da sunansa: “E, a sauke rasiɗan.”

Imoji fa? Tun asali don wannan matsalar aka ƙirƙiro kakanninsu. Ranar 19 ga Satumba 1982, Scott Fahlman na jami'ar Carnegie Mellon ya ba abokan aikinsa shawarar su riƙa sa :-) a kan saƙon wasa, bayan wata raha da aka rubuta game da zubewar sinadari a cikin lif ta sa wasu sun ɗauka gargaɗi ne na gaske. Suna taimakawa wajen sassauta magana, amma ba sa ɗaukar nauyin ma'ana. Masu bincike a jami'ar Minnesota sun nuna a 2016 cewa mutane kan saɓa a kan ko fuska ɗaya tana nuna daɗi ko akasinsa, kuma zanen fuskar kansa yana canzawa daga wannan kamfanin waya zuwa wancan. Fuskar dariya a bayan baƙar magana ma sau da yawa ƙara mata zafi take yi. Ko ɗigon aya yana da nasa tasiri: a wani bincike na jami'ar Binghamton da Celia Klin ta jagoranta, ɗalibai 126 sun ɗauki gajerun amsoshin waya masu ɗigo a ƙarshe a matsayin waɗanda ba su kai marasa ɗigon fitowa daga zuci ba. Da Turanci aka yi gwajin, kuma matasan Amurka ne, don haka ba doka ba ce ga kowa. Abin da yake nunawa shi ne in kalmomi suka yi kaɗan, mai karatu yakan koma neman ma'ana a ɗan abin da ya rage.

Inda alama ke aiki sosai shi ne inda ma'aikata suka zauna suka yarda da ma'anarta tun farko: misali 👀 na nufin na gani ina dubawa, ✅ na nufin an gama, amincewa da kashe kuɗi ko fara bugu kuwa sai da kalmomi.

Ba kowace amsa ce ke buƙatar wannan hidima ba. In an ce “Na iso ofis”, “to” ta isa, kuma wanda ke mayar da kowace gaisuwa sakin layi zai gundiri mutane har su daina karanta shi. Wuraren da ya kamata a tsaya su ne inda amsar za ta sa wani ya kashe kuɗi, ko ya fara abin da ba ya komawa baya, ko inda rai ya ɗan sosu, ko inda mai amsar yake sama da mai tambaya. Na ƙarshen nan ya fi muhimmanci a wuraren aikinmu, inda ƙarami ba ya son ya ce wa babba “ban gane ba” sau biyu. Gajartar da Oga ya yi don ya tsira da daƙiƙa goma, na ƙasa da shi ne ke biyanta da rabin yini na zullumi. In kuma an yi musayar saƙo uku ba a fahimci juna ba, rubutu ya gaza, sai a kira ko a tura saƙon murya, sannan a dawo zaure a rubuta abin da aka tsayar a layi ɗaya domin sauran su gani.

In an riga an tura fa? Tun watan Mayun 2023 WhatsApp ya ba da damar gyara saƙo cikin minti 15 da aikawa, Slack da Teams ma suna da irin wannan dama. Amma gyaran a shiru yake faruwa, kuma wanda ya riga ya karanta ya tashi ya kama aiki ba lallai ya waiwayi tsohon saƙo ba. Saboda haka in amsar ta shafi aiki, sabon saƙo ya fi, a kama sunan mutumin a ciki: “Malam, ‘to’ ɗin da na rubuta ɗazu na gani nake nufi, ba izini ba. Kada a buga sai makarantar ta amsa.” In gatse ne ya kuɓuce a gaban jama'a, goge shi ba ya wadatarwa, tunda an gani, kuma gurbin saƙon da aka goge yana nan yana nuna an faɗi wani abu. A zauren da aka yi shi ake gyara shi, a gajarce: “Maganata ta ɗazu ba ta dace ba, ka yi haƙuri. Abin da nake so shi ne a gyara sunan kafin azahar.”